Masu sayar da gurbin aikin ɗan sanda: ga yadda suka yi wa ƙanena

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan masu cewa suna da silot na aikin ɗan sanda ko soja ko na gwamnati, don abin ya shigo mana har gida, kuma sai da aka gama cin mu na gane yadda sana'ar take tafiya.

Ƙanena ya cike fom ɗin ɗan sanda da kansa a shafin hukuma, ko sisi bai biya ba. Bayan kamar sati biyu wani ya kira shi, ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, wai shi yaron wani babba ne kuma oga yana da gurbi biyar saura biyu. Yaro ya ji an san shi sai ya saki jiki. Daga baya muka tuna ai ya taɓa zuba bayanansa a wani link da aka turo a guruf ɗin WhatsApp wai na duba suna ne, to daga can suka kwasa.

Ba sa neman kuɗin a dunƙule. Na farko kaɗan ne, na riƙe gurbi. Na biyu na gwajin lafiya, alhali ko likita bai gani ba. Sai aka turo lis a PDF ga sunansa ɓaro-ɓaro a tsakiya, nan mahaifiyarmu ta ce a yi duk yadda za a yi, aka biya na uku wanda ya ninka na farko sau huɗu, wai na ofa da kaki. Ka ga dabarar, duk wanda ya biya sau biyu tsoron asarar na baya ne ke sa shi biyan na gaba. Duka kuma akawun ɗin wani mutum aka tura, sunan ma ba na wanda ke kiran ba ne, muna gani muka kau da kai. Ranar shiga horo ya je da jakarsa da takardarsa, jami'in da ke bakin ƙofa ya duba lambar ya ce babu ita a rajistarsu, saura kaɗan ma a tsare shi kan takardar jabu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne masu cewa ai wane ya biya kuma ya samu. Wallahi lissafi ne kawai. A ce mutum ya karɓi kuɗin mutum 40 bai yi komai ba, ya zauna abinsa. Cikin 40 ɗin nan da ma duk sun cike fom na gaskiya, 3 ko 4 za su ci jarrabawa su wuce tantancewa da ƙoƙarinsu. Su ne za su riƙa yi masa talla suna sa masa albarka. Mai yawan surutu a mayar masa da rabin kuɗinsa, sauran a ce su jira zagaye na biyu, su kuwa ba za su kai ƙara ba don sun san sayen aiki suka je yi. Shi ya sa ɗan damfarar ke fara tambaya ko ka cike fom, in ba ka cike ba har tura ka zai yi.

Abin da na koya shi ne karanta adireshin shafi, don tambari da hoton shugaban hukuma kowa zai iya kwafa. Ana duba ƙarshen sunan ne, abin da ke dab da alamar / ta farko da ta biyo bayan sunan, ban da biyun da ke cikin https:// na farkon adireshi. A Najeriya misali shafukan gwamnati suna ƙarewa da .gov.ng, na sojoji da .mil.ng. To dubi wannan da na ƙirƙira don misali:

```
police.gov.ng.daukar-aiki.xyz/lis
```

Akwai gov.ng a ciki amma ba shi ne ƙarshe ba, mai shafin shi ne daukar-aiki.xyz, kuma irin wannan suna kowa zai iya saya. Lis ma haka, PDF da aka turo ta waya ba hujja ba ce, minti kaɗan ake sa suna a ciki. Mutum ya shiga shafin hukumar da hannunsa ya sa lambar fom ɗinsa ya gani. Da mun yi haka ranar da lis ɗin nan ya zo da kuɗi na uku bai fita ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, duk lokacin da za ku ba da labarin ɗaukar aiki ku riƙa buga ainihin adireshin a cikin labarin, da ranar buɗewa da ta rufewa, ku kuma faɗa ƙarara in kyauta ne. Mu dai mun kai rasit ɗin banki da lambar wayar wurin hukuma, lambar tun ranar a kashe take.

Na gode.
Naka, mai karanta ku kullum.