Maganar sakata ce, ka zo ka ji daga bakinsa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya ƙarfin jiki?

Kawunka ya dawo daga Kano ya kawo mini amsarka. Wai ka ce kai da ka kwana a daji a hannun mutanen nan ba ka je wajen kowa ka yi kuka ba, sai yaron da ko marinsa ba a yi ba za a riƙa kai wa likitan ƙwaƙwalwa. Wai raki ne, ni da uwarsa muke lalata shi. Na so in kira ka, amma na san halinka a waya, “to Hajiya, to Hajiya” har a kashe. Shi ya sa na rubuto.

Mai sunan Malam ba rago ba ne. Shekararsa 11, yana ƙarƙashin gado ya ga an buga maka gindin bindiga an ja ka waje. Tun daga daren nan fitsarin kwance ya dawo masa, abin da ya bari tun yana ƙarami. Babur ya wuce da dare sai ya zabura, jikinsa na ɓari. Kafin ya kwanta sai ya je ya taɓa sakatar ƙofar gida, ya dawo, ya sake komawa. Likitar da ke ganinsa a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ta ce yawancin yara firgitar takan lafa musu cikin makonnin farko. In ta wuce wata guda tana hana barci da karatu, ta zama ciwon da ake yi wa magani. Nasa ya daɗe da wuce nan.

Na san abin da kake hangowa in an ce Barnawa. Ba a kwantar da shi ba, ba allura, ko ƙwaya ɗaya ba a rubuta masa ba. Zama ne sau ɗaya a mako, kamar awa guda, rabi ita da shi, rabi ita da uwarsa ko ni. Ta ce irin wannan jinya takan ɗauki zama 12 zuwa 16. Da farko ta koya masa numfashi: ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska a hankali har hannun ya ɗaga, ya sake ta a hankali. Sannan ya riƙa auna tsoronsa daga 0 zuwa 10, don ya iya cewa “yau bakwai ne” maimakon ya yi shiru yana rawar jiki. Yanzu sun kai wurin da ya fi wuya. Yana ba da labarin daren da kaɗan-kaɗan, tana rubutawa, wani wurin ya zana. Dalilinta shi ne, gudun tuna abin ke ƙara wa tsoron ƙarfi. In ya faɗa ya sake faɗa a inda ba abin da zai same shi, sai jikinsa ya gane daren ya wuce. Ba ta ce zai manta ba. Ta kuma gargaɗe mu cewa a makonnin nan mafarkin kan iya ƙaruwa kafin ya ragu, kuma a nan ne iyaye da yawa ke janye yaro su ce magani ya ƙara masa ciwo. Ɗori ma ai da zafi, amma ba a barin karaya don gudun kukan mai ita.

Ga abin da ya sa na dame ka. Shi da bakinsa ya faɗa mini, ya kuma yarda in gaya maka. A daren nan ka ce masa ya sa sakata bayan isha'i, wasa ya ɗauke masa hankali ya manta. Duk watannin nan yaron yana ɗauke da cewa shi ya buɗe musu ƙofa. Dukan da ka sha, filin da aka sayar, komawarka Kano, duk a kansa ya ɗora. Uwarsa ta gaya masa ta katanga suka hauro, ni ma na gaya masa, likita ta bi da shi dalla-dalla har ya yarda cewa mai bindiga sakata ba ta tsare shi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “To me ya sa Baba ba ya kallona?”

Ka ba ni amsar wannan, ni ba ni da ita.

Ban ce ba ka sha wuya ba. Ni na haife ka, na ga bayanka ranar da ka dawo. Na kuma san ba ka barci, matarka ba ta kai ƙararka ba, idonka ne ya faɗa. Haka muka tarbiyyantar da ku, namiji ya cije, kuma da dalili, don zamanin da Malam ya rasu ya bar mini ku, in da na zauna kuka da ba ku ci tuwo ba. Amma ka san inda shirun ƙaninka ya kai mu. Shi ma cewa aka yi a ƙyale shi, namiji ne, zai ware. Ka san wa ya riƙa bin kemis-kemis yana roƙon a daina sayar masa, ka san wa ya ɗauko shi ranar ƙarshe. Wannan ne ke hana ni barci. Yaron da ya rasa wanda zai gaya wa abin da ke cinsa a gida, wata rana zai samu mai ba shi abin da zai sa ya daina ji. Ina kallon Mai sunan Malam zaune a bakin ƙofa ya zuba wa waje ɗaya ido, sai gabana ya faɗi. Na binne ɗaya. Wallahi ba zan zuba ido girman kanka ya sa a kama hanyar na biyu ba.

Kana ta faɗin jarumta. Wane ne ya kai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi? Ya sumbaci Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Addu'a kuwa ba mu bari ba, kullum da dare ina tofa masa Falaƙi da Nasi, likitar ma cewa ta yi mu ci gaba. In kuma maganar mutane kake gudu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ake so da kai ba shi da yawa, kuma ba titsiye za a yi maka ba. Zuwan farko kai kaɗai za ka zauna da ita, ba yaron. Za ta karanta maka abin da ta rubuta daga bakinsa tukuna, don in zuciyarka za ta karye ta karye a can, ba a gabansa ba. Za ku shirya abin da za ka ce. Sai ranar da kuka shirya ku biyun, ya karanta maka da kansa. Kada ka katse shi, kada ka gyara masa labari ko da ya juya wani wuri, kada ka ce “ya isa, ya wuce.” In ya gama ka yaba masa da ya iya faɗa, ka gaya masa da bakinka cewa ba sakata ba ce, kuma ba ka taɓa riƙe shi da laifi ba. In hawaye ya zo maka, ba abin kunya ba ne, ta ce abin da ake gudu shi ne uba ya fusata ko ya tashi ya fita. Abin da ya same ka a daji ba mai tambayarka sai in kai ka so.

Ranar Talata ne, ƙarfe 10 na safe. Ka bar wa yaron shagonka makulli, ka taso Litinin da yamma kafin duhu, ka kwana a gida. Ban gaya masa za ka zo ba, don kada ya sa rai. Ka kira ni kafin Juma'a in sanar da likita ta ware maka lokaci.

Allah ya yi maka albarka, ya huce maka zuciya, ya tsare hanya.

Mahaifiyarka.