Zuwa ga ƙanena da ya tambaye ni a gaban jama'a kan fatawar minti biyu

"Malam, addinin Allah ne za a riƙa yanka shi minti biyu-biyu don a tara masu kallo? Ga wani can ya ɗauki bidiyonka ya ce saki cikin fushi ba saki ba ne, ya je zai mayar da matar da ta haramta gare shi. Wa zai ɗauki wannan alhaki, in ba mai sayar da fatawa ba?"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam ƙanena, maganarka ta iso ni tun a daren da ka yi ta. Kafin in fito sallar asuba mutum huɗu sun turo min ita a waya, ɗaya daga Mabera, ɗaya har daga Illela. Na bar ta ta kwana bakwai don kada in amsa zuciyata na tafasa, amma ban ɓoye maka ba, kalmar "mai sayar da fatawa" har yau tana nan inda ta soke ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina karantarwa a zauren da ka sani, kai ma a kan tabarmarsa ka sauke Iziyya. Ka taɓa ganin na miƙa hannu don na amsa tambaya? Kuɗin katin da ake ɗora shirin nan na amsa tambayoyi a bidiyo daga aljihuna yake fita, yaron da ke riƙe kyamara kuwa ɗalibina ne, ko na mai ba ya karɓa. Lambata tana wayarka, ƙofata ka san ta. Ka zaɓi ranar da aka cika maƙil aka kunna lasifika, a daidai watan da kai ma ka buɗe naka shirin. Allah ne masanin zukata, amma mutane sun lura, ni ma na lura.

Bari in zo ga mutumin, domin labarin da aka ba ka rabi ne.

Tambayar da aka turo mana ita ce: wani ya yi faɗa da matarsa, cikin fushi ya ce mata "tafi gidanku", shin ta saku? Amsar da na bayar ta kai minti biyu da rabi. Na ce lafazin saki iri-iri ne. Akwai bayyananne, kamar "na sake ki", wanda ke aukuwa ko mutum ya ce wasa yake yi. Akwai kuma kinaya ɓoyayya, irin "tafi", "fita", "koma wurin iyayenki", wadda malamanmu na Malikiyya suka ce ana tambayar mijin abin da ya nufa da ita, da kuma adadin da ya nufa. In bai nufi saki ba, babu saki. In ya nufa, ya auku. Na ƙara da cewa fushi ba ya ɗauke saki, sai fa fushin da ya kai mutum bai san abin da bakinsa ke faɗa ba, kamar wanda hankalinsa ya gushe. Ka buɗe Askari a babin saki, za ka tarar da kalmomin nan a jere inda muka karanta su tare.

Sai wani da ban san shi ba ya yanke bidiyon. Ya ɗauki tambayar, ya haɗa ta da inda na ce "babu saki", ya zubar da sauran. Abin da ya rage bai kai daƙiƙa arba'in ba, kuma shi ne ya zagaya wayoyi.

Mutumin da kake magana a kansa ba shi ne ya yi tambayar ba, kuma halinsa dabam ne ƙwarai. Shi takarda ya rubuta, da hannunsa, "na sake ki saki ɗaya", ya ba ƙanensa ya kai. Wannan bayyanannen lafazi ne, ya rubuta shi da ƙudurin saki, kuma takardar ta isa hannunta. Babu wata niyya da za a tsaya tambaya a nan. Matar kuwa tana da cikin wata takwas. Iddar mai ciki haihuwarta ce, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ɗalaƙ ta faɗa. Da ya ce "na mayar da ke" kafin ta haihu, da magana ta ƙare ba tare da sabon ɗaurin aure ba. Bai faɗa ba. Ta haihu, aka yi suna, ta gama wankan jego, sai bayan arba'in ya zo zauren surukansa da waya a hannu yana cewa Malam ya ce babu saki, a ba shi matarsa.

Ba a ba shi ita ba, kuma nan ne labarinka ya kauce. Baffanta ya ce babu inda za ta sai an ji daga bakin mai maganar, ya ɗebo su daga wajen Gwadabawa suka zo gidana. Tambaya biyar na yi masa. Me ka faɗa, ko me ka rubuta, kalma da kalma? Ka taɓa sakinta a baya? Tana cikin wane hali ranar, tsarki, haila ko ciki? Ka mayar da ita da baki ko da wani aiki da nufin kome kafin ta haihu? Akwai wani abu da ta ba ka don ka sake ta? A tambaya ta biyu ya ce ya taɓa saki ɗaya shekarun baya ya yi kome. Ke nan wanga shi ne na biyu, idda ta cika da haihuwa, ba shi da ikon kome. Amma ba ta haramta gare shi har abada ba kamar yadda ka faɗa wa jama'a, kuma ba sai ta auri wani ba, domin igiya ɗaya ta rage. Abin da ake bukata shi ne yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki, da shaidu biyu. Ta nemi a ba ta mako biyu ta yi tunani, aka ba ta. Daga baya aka ɗaura.

Yanzu laifina. Na sake kallon cikakken bidiyon sau uku, na ga inda na ba da ƙofa. Na ce "in bai nufi saki ba", na yi shiru ina gyara tabarau, sannan na ce "babu saki". Wannan shirun ne wuƙar mai yanka ta shiga. A zaure ba komai ba ne, domin wanda ya ji farko zai ji ƙarshe. A waya kuwa kowace jimla tana iya tafiya ita kaɗai, ba uwa ba uba. Na ɗauki wannan a wuyana, na kuma nemi gafarar Allah da ta matar, wadda aka tayar wa hankali tana jego.

Tun daga ranar na canza abu biyu. Hukunci da sharaɗinsa a numfashi ɗaya nake faɗarsu, kuma ina cusa sharaɗin a tsakiya, in ce "sakin wanda bai yi nufi ba da kalmar tafi gidanku ba ya aukuwa", yadda duk inda aka yanka maganar za ta lalace, ba za ta juye ba. Na biyu, duk tambayar da amsarta ke rataye da abin da mai tambaya bai faɗa ba, ba na yanke ta a kyamara. Saki na mutum takamaimai, rabon gado, rigimar gona, shayarwar da ake zargin ta haramta aure, waɗannan ina bayyana ƙa'idarsu kawai, in ce mai abin ya zo da ƙafarsa ko ya je gaban alƙali. Mai fatawa ɓangare ɗaya yake ji, kuma maganarsa ba ta tilasta kowa. Alƙali shi ke zaunar da mutum biyu, ya nemi shaida, ya zartar.

Abin da ba zan karɓa daga gare ka ba shi ne cewa gajartar amsa ita ce aibin. A cikin Muwaɗɗa, wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan alwala da ruwan teku, ya amsa da jimla ɗaya cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A cikin littafin dai aka tambaye shi sayen busasshen dabino da ɗanye, bai amsa ba sai da ya tambaya ko ɗanyen yana raguwa in ya bushe, da aka ce e sannan ya hana. Wata tambaya cikakkiya take zuwa, sai a amsa a wuce. Wata kuma sai an tona. Aikin malami shi ne ya san wacce ce a gabansa. Wadda ta manta zaman tahiya na farko ta tambaya ƙabli za ta yi ko ba'adi, me zai sa in riƙe ta awa guda? Ragi ta yi, ƙabli ne, kafin sallama. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32. A shirin nan ba a rufe mako ban ce "wannan sai na duba" ba, kuma ba a goge wurin.

Zancen da ka yi na cewa fitila da kyamara ba su dace da rawani ba, ban ga abin amsawa a ciki ba. Da rediyo ta zo ma an faɗi haka.

Abin da ya fi ci min rai ya wuce ni da kai. Mafi yawan saƙonnin da muke samu na mata ne, da murya, domin da yawansu ba su rubutu. Tambayoyin haila, da jinin biƙi, da ramuwar azumi, abin da mace ba za ta iya aiko mijinta ya tambaya a zaure ba, balle ta tsaya gaban maza ta faɗa. Wata ta shekara tana barin salla kwana ashirin kowane wata, ba ta san cewa a mazhabarmu hailar wadda ba ta da ciki ba ta wuce kwana 15 ba, abin da ya haura jinin ciwo ne, wanka za ta yi ta yi salla. Wa ya je ya gaya mata? A ƙasar nan Shehu Usmanu ya yi faɗa da malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. A garin nan na Sakkwato Nana Asma'u ta naɗa jajoji, wato mata masu karantar da 'yan'uwansu mata, ta ba su waƙoƙi gajeru na Hausa da Fulatanci su haddace su kai wa matan ƙauye. Ba ta ce sai sun zo sun zauna shekara goma ba. Yau muna da malamai masu tarin littattafai da ba su san hanyar Gidan Igwai ba, sai wani ya ɗauki waya ya amsa wa waɗannan bayin Allah, sannan a tuna da martabar ilimi. Shi kuwa mai yanka maganar malamai ya juya ta, wanda shi ne ya ƙulla wannan fitina, ban ji ka ambace shi ko sau ɗaya ba a cikin jawabinka.

Cikakken bidiyon yana nan, da kwanan watan da aka ɗora shi. Baffan matar ya ce in ana bukatarsa zai zo ya faɗi abin da ya gani. Ranar Alhamis bayan la'asar muke ɗaukar shirin. Ka zo da Askarinka, mu buɗe babin saki a gaban kyamarar nan, in akwai inda na saɓa wa abin da ke ciki ka nuna min layin, zan janye da bakina a wurin. In kuwa babu, ina neman ka janye kalmar nan a gaban mutanen da ka faɗe ta.

Wassalamu alaikum.

Yayanka a karatu,
daga Sakkwato.