Kafin ku sayi PS4 ta hannu

Salamu alaikum ƴan uwa. Mai shirin sayen PS4 ta hannu, don Allah kada ya biya sai an kunna ta a gabansa. Ka tafi da faifanka, ka ga ta karɓa, ta karanta, ta fitar. Ka girgiza wayar HDMI kaɗan. In hoto ya ɗauke, ramin ko wayar ne ya lalace. A cikin wasa ka saki hannun wasan. In ɗan wasa yana tafiya da kansa, sandar ta gaji.

Abin da ya fi damuna shi ne asusu. Wasannin da aka sauke na asusun mai ita ne, ranar da ya cire na'urar daga asusunsa za su kulle. Kada ka biya kuɗinsu. Ka shiga PSN da naka asusun a wurin, domin wadda Sony ta toshe ba ta shiga.