Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Nazarin Bakteriya a Zariya

Assalamu alaikum, malamanmu, iyayen ƙungiya da 'yan'uwa mambobi.

A taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa aiki ɗaya: mu koya wa mambobi, musamman ɗalibai masu neman digiri na biyu, yadda ake tantance bakteriya da jerin haruffan 16S rRNA, da yadda ake zana bishiyar dangantakarsu. Alhamdu lillahi an yi. Mun yi zaman bita sau uku a Samaru, kuma kuɗin tarayya ya ɗauki nauyin sinadarai da aika samfura wurin karanta haruffa. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi daban.

Zaman farko na tushe ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Kowace bakteriya tana da wannan yanki na DNA, domin da shi ake gina ƙaramin ɓangaren ribosom, injin da ke haɗa furotin. Tsawonsa kusan haruffa 1,500 ne. Wasu wurare a cikinsa kusan ba sa canjawa daga wata bakteriya zuwa wata, kuma a nan firamominmu 27F da 1492R suke kamawa. Tsakaninsu akwai wurare tara masu saurin canjawa, V1 zuwa V9, waɗanda ke bambanta dangi da dangi. Da irin wannan RNA ne Carl Woese da George Fox suka nuna a 1977 cewa akiya ba bakteriya ba ne, reshe ne mai zaman kansa.

Aikin hannu mun yi shi ne a kan daddawar kalwa da muka sayo a kasuwannin gari. Mun zaɓe ta saboda an san dangin Bacillus subtilis ne ke kan gaba wajen ruɓar da kalwa har ta zama daddawa, kenan muna da abin da za mu gwada sakamakonmu da shi. Mun ware ƙwayoyi goma sha biyu. Bangon Bacillus yana da kauri, kuma a karon farko DNA bai fito sosai ba sai da muka fara jiƙa su da laisozayim. Bayan PCR, goma sun ba da layi ɗaya tsaf a kan jel, daidai wurin haruffa 1,500, bututun da muka sa wa ruwa kawai kuma ya fito babu komai, alamar sinadaranmu ba su gurɓata ba. Daga cikin goman mun cire ɗaya, domin da muka buɗe fayil ɗinta na .ab1 mun tarar da kololuwa biyu a kan juna tun daga farko har ƙarshe. Wannan alama ce ta ƙwayoyi biyu a faranti ɗaya. Da a wurare biyu ko uku kawai aka ga haka, da ba mu damu ba, tunda B. subtilis kanta kwafi goma na wannan yanki take ɗauke da su, kuma ba lallai su zama iri ɗaya sak ba.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne ƙwaya ta bakwai. Wata ɗalibarmu ta haɗa karatun gaba da na baya, ta yanke gefuna marasa kyau, ta samu haruffa 1,420 masu tsabta. Ta sa su a BLAST, sai sunan da ya fito a layin farko ya zama Bacillus anthracis, mai haddasa cutar saifa a shanu, da kamanni kashi 99.86 cikin ɗari. Hankalinta ya tashi, kuma tana da gaskiya. Ta kira shugabanmu ta ce, "Malam, a duba mini wannan kafin in sake taɓa farantin." Nan take aka rufe farantin aka keɓe shi.

Da muka zauna da sakamakon, sai Malam ya ce a karanta layukan da ke ƙasa. Bacillus cereus da Bacillus thuringiensis suna nan biye, da kusan adadi ɗaya. Kashi 99.86 na haruffa 1,420 yana nufin bambancin haruffa biyu kacal. Ma'aunin raba jinsi da aka fi amfani da shi yanzu, kashi 98.7, wanda ya maye gurbin kashi 97 na 1994, a wannan tsawon ya kai bambancin haruffa kusan 18. Kuma ga inda mutane da yawa ke kuskure: ma'aunin yana cewa ne idan kamanni ya gaza haka, to mai yiwuwa jinsi daban ne. Bai ce duk wanda ya haura haka jinsi ɗaya ba ne. Waɗannan ukun 'yan ɗaki ɗaya ne, 16S ɗinsu kusan iri ɗaya ne, abin da ya raba halinsu kuwa yawanci yana kan filasmid. Dafin B. anthracis yana kan pXO1, rigar da ke kare ta tana kan pXO2, kuma 16S ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Sai muka koma ga tsofaffin gwaje-gwaje, a cikin akwatin kariya. B. anthracis ba ta motsi kuma ba ta fasa jini a farantin jinin tunkiya. Tamu tana motsi, ta kuma yi da'ira mai haske kewaye da tsironta. Wannan ya kwantar mana da hankali ƙwarai, amma a rubuce abin da muka sa shi ne "dangin Bacillus cereus", domin iyakar abin da hujjarmu ta kai kenan.

Bishiyar da muka zana a zama na uku ta faɗi magana ɗaya da wannan. Mun ɗauko jerin ƙwayoyin asali, waɗanda aka raɗa wa kowane jinsi suna da su, maimakon duk abin da wani ya ɗora a rumbun NCBI da sunan da ya ga dama. Mun jera su da MUSCLE a cikin MEGA, muka datse su zuwa tsawo ɗaya, muka zaɓi Neighbor-Joining da Bootstrap sau 1,000, muka kafe saiwar bishiyar da Paenibacillus polymyxa. Reshen da ya tattara dangin cereus ya samu 100. A cikin reshen kuwa, inda ake son a ce tamu ta fi kusa da wane, lambobin ba su kai 50 ba, alhali abin da ya gaza 70 ba a gina magana a kansa. Sauran takwas ɗin sun faɗa dangin B. subtilis, kuma can ma rassan ciki ba su da ƙarfi.

Ni a ganina wannan ne ya kamata masu duba kundin ɗalibai a cikinmu su riƙe. Muna yawan ganin an karanta haruffa 600 daga gefe ɗaya, an kwafi sunan layin farko, an sa a kan kundi. Daga bana kwamiti yana roƙon duk mamba da zai gabatar da sakamako a taronmu ya zo da fayil ɗin .ab1, tsawon haruffansa, da sunaye biyar na farko tare da adadinsu.

Abin da ba mu cimma ba shi ne karanta gyrB, wanda ya fi 16S saurin canjawa kuma zai fi raba mana 'yan dangin B. subtilis. Kuɗin firamominsa bai samu ba, ga kuma yankewar wutar lantarki da ta lalata mana rabin sinadarin PCR a lokacin bazara. Ƙwayoyin tara suna ajiye cikin gilisirol a firiza mai batir. Muna neman taro ya amince da sayen firamomin gyrB, da kuma mambobi biyu da za su riƙa leƙa firizar a lokacin hutu. Mai sha'awa ya ba ni sunansa kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa.