Rahoton ayyukan ƙungiya na bana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mitin ɗin wata-wata mun yi su, sai na watan azumi da muka ɗage.

Abin da ya fi faranta min rai a bana shi ne bitar da muka yi kan lebur ɗin ruwa a diram na boila, wallahi tun da nake cikin ƙungiyar nan ban ga zaman da yaranmu masu koyon aiki suka yi tambayoyi haka ba. Dattijonmu da ya jagoranta ya fara da fidbak zalla, wato kwantirola tana kallon lebur kaɗai, in ya sauka ta buɗe bawul ɗin ruwa, in ya hau ta rufe. Sai ya ce a ɗauka boila na ba da tururi tan 40 a awa, ruwa ma tan 40 ke shiga, kwatsam masana'anta ta ja tan 50, me lebur zai yi? Kusan kowa ya ce zai sauka. Ashe hawa yake fara yi, don firesha a diram tana faɗuwa, kumfan tururin da ke cikin ruwan su kumbura su ɗaga shi sama, abin da muke kira suwel. Ita kuwa kwantirola ganin lebur ya hau sai ta rage ruwa, a daidai lokacin da ake da giɓin tan 10 a awa, kusan kilo 167 duk minti. Kumfan na lafawa lebur ya rufto ƙasa, ta buɗe bawul da ƙarfi, ruwan da bai kai zafin na diram ba ya shigo ya ƙara kwantar da kumfan, lebur ya ƙara nutsewa, in ba a yi sa'a ba boila ta yi tirif, wato ta kashe kanta.

Daga nan ya kawo fidfowad. Tunda tururin da ke fita muna iya auna shi da mita, me zai sa mu jira sai lebur ya lalace? Mita na ganin tan 50 sai a nemi ruwa tan 50 nan take. Ga yadda ya rubuta a allo:

```
FW_SP = STEAM_FLOW + LIC_OUT
```

Wato ruwan da ake nema, `FW_SP`, shi ne tururin da mita ta auna, `STEAM_FLOW`, haɗe da abin da kwantirolar lebur ta ƙara ko ta rage, `LIC_OUT`. Wannan shi ne tsarin awo uku, lebur da tururi da ruwan shiga, kwantirolar ruwa ta ciki ita ke riƙe adadin da aka nema ko da firesha ɗin famfo ta canza. Wani ƙaninmu ya ce to ranka ya daɗe a cire kwantirolar lebur ɗin mana gaba ɗaya. Ya ce masa a'a ɗana, fidfowad bai san abin da ba a auna ba, kuma ba ya waiwaya ya ga sakamakon aikinsa. Ruwan bulodawun da ake zubarwa ba ya bi ta mitar tururi, mitocin biyu ma ba sa taɓa yin daidai ɗari bisa ɗari, ko tan 1 a awa ne bambancin taruwa zai yi ta yi har diram ya ƙafe ko ya cika ruwa ya bi tururi. Fidbak ne ke share wannan ragowar a hankali. Ya kuma ba mu alama mai amfani, in ka ga `LIC_OUT` ya zauna yana ƙara ruwa kullum fiye da yadda ya saba, duba kalibireshin na mitoci, duba bawul ɗin bulodawun, in duk lafiya to ka fara zargin wani bututu na yoyo. Sannan lokacin tada boila ko in lodi ya yi ƙasa sosai mitar orifis ba abin yarda ba ce, shi ya sa ake komawa awo ɗaya sai lodi ya hau.

Yanzu maganar ƙaramin tankin gwaji da muka yi alkawari, na san ana ta gunaguni. Tanki da famfo suna nan, an saya, abin da ya tsaya mitar fulo ce da bawul, kuma ba tare da mita ba babu fidfowad ɗin da za a nuna wa kowa, tanki ne kawai. Kuɗin bai kai ba, farashi ya tashi bayan mun yi kasafi, kuma mafi yawanku ba ku biya kuɗin shekara ba. Ba kwamiti ne ya yi sakaci ba. Ni dai na kira, na tura saƙo, wasu har gida na bi su, wasu kuma ba a ganin su sai ranar raba satifiket, sannan su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana. Wannan abin yana ci min rai gaskiya. Takardar bitar ma ba a buga ba saboda wannan rashin kuɗin, rubutun yana hannuna.

Duk wanda ake bin sa bashi don Allah ya ga ma'aji kafin mitin mai zuwa, mita za mu fara saya. Wassalam.