Zuwa ga ɗana, kan sunan shagonka

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya iyali. Innarka ta nuna mani hoton allon da kake so a rubuta maka, wai "Waraka Tabbas Famasi", tun jiya abin ke damuna shi ya sa na ce bari in rubuto maka tun ba ka biya mai fenti ba.

Ka tuna kawunka na Sabuwar Unguwa da hawan jini ya kama? Wani shago ya je mai irin wannan sunan, suka auna shi 170 bisa 100, aka ba shi amlodifin na wata guda, ya sha jinin ya sauka zuwa 130 bisa 80, sai ya ce ai ya warke tunda a gidan waraka ya saya, ya aje magani. Wata ukku ba a yi ba ɓarin jikinshi ya shanye, har yau da sanda yake zuwa masallaci. Kai da ka yi karatun nan a Zariya ka fi ni sanin hawan jini da ciwon suga ba a warkar da su, lallaɓa su ake har ƙarshen rai, to mai ciwon suga in ya ɗaga kai ya ga "tabbas" me ka faɗa mashi tun bai shigo ba? Ko NAFDAC ba ta yarda a yi tallan magani a ce yana warkar da irin waɗannan cututtukan ba.

Ni a ganina akwai suna mai addu'a akwai mai alƙawari. "Sauƙi" addu'a ce, abin da muke ce ma marar lafiya ke nan, Allah shi ba da sauƙi. Amma "tabbas" da "nan take" na masu yawo da lasifika ne ranar kasuwa, sha yanzu magani yanzu. Ka gwada faɗin sunan gaban wanda ya sayi magani wurinka kuma majinyacinshi ya rasu, in ka ji nauyi a bakinka to ka bar shi.

Ni da sunan wuri zan sa, Ƙofar Ƙaura tunda nan shagon yake, ko sunan kakanka, mutum ya san inda zai same ka da gidan da zai kai ƙara. Ita kuma kalmar famasi kai kana da haƙƙinta tunda kana da lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magani, mai kemis na unguwa ba a yarda ya sa ta ba, ita kaɗai ta isa ta nuna ƙwarewa. Kar ka ƙara "asibiti" tunda ba likita gare ka ba.

Ka fara kai sunan CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su duba ko wani ya riga ka, ka tanadi na biyu, in sun amince suna riƙe maka shi kwana 60, sannan a yi allo da hatimi da rasit. Juma'a in ka zo ka taho da sunayen mu duba tare da innarka.

Mahaifinka.