Anti, zolayata tana komawa faɗa idan na juya ta Turanci

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari.

Ni saurayi ne ɗan shekara 29. Akwai wata yarinya da muka haɗu a wajen karatu, yau wata bakwai muna tare, kuma aure nake nufi. Ba ta jin Hausa, ni ma ba na jin yarensu, don haka Turanci ne ya haɗa mu. Maganar karatu ko ta gida ba ta ba mu wahala. Inda gizo ke saƙar shi ne wasa. Ni mutum ne mai tsokana, in ina son mutum sai na ja shi da zolaya. Da ita kuwa duk wasan da na yi sai ya dawo mini da ciwon kai.

Ga abin da ya faru makon jiya. Ta shiga jarrabawa, kwana huɗu ban ji ta ba. Da saƙonta ya shigo, abin da ya zo bakina shi ne, "Idonki kenan? Kin yar da ni ko? To, sai kin biya tara." Ke kin san duk budurwar da aka gaya wa haka murmushi za ta yi, ta ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe." Sai na ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya na mayar da su Turanci na tura.

Amsarta ta farko tambaya ce, wai me ya sami idonta? Ashe har madubi ta duba. Bayan minti goma sai ga dogon saƙo: ita ba ta yar da kowa ba, na san tana jarrabawa, kuma ba ta son namijin da zai riƙa ƙirga mata kwanaki yana yanka mata hukunci. Maimakon in tsaya nan, sai na yi dariya ni kaɗai na rubuta mata "Allah ya shirye ki", shi ma a fassare. Anti, a nan na ɓallo ruwa. A bakinmu wannan magana ce da ake yi wa wanda ya ba ka dariya. Ita abin da ta karanta shi ne ina ganinta ɓatacciya mai buƙatar addu'a. Kwana biyu ba ta ɗauki wayata ba, kwana biyu na gaske, ba irin na gaisuwa ba.

Na zauna na sake karanta abin da na tura kamar wani ne ya aiko mini, kuma gaskiya ban ga laifinta ba. Da Hausa, abin da ke nuna wasa ake yi ba ya cikin manyan kalmomin. Yana cikin 'yan ƙananan nan, ko, dai, fa, mana, ai, da yadda ake jan murya. "Kin kyauta" daban, "ke dai kin kyauta" daban. Da na fassara, su ne suka fara zubewa domin ban sami abin da zan sa a gurbinsu ba, sai tuhuma tsirararta ta rage. Ga shi kuma a rubuce, ba murya ba fuska. Alamar dariyar da na liƙa a ƙarshe ma ƙara dagula lamarin ta yi, ta ɗauka dariya nake mata.

Ni ma abin ya taɓa faɗa mini. Ran nan na makara, ta dube ni ba ko murmushi ta ce lallai ban taɓa saɓa lokaci ba. Na yi ta ba da haƙuri, ashe wasa take, irin nasu na faɗin akasin abu da fuska a ɗaure.

Mun shirya yanzu, amma na zama kamar mai takawa a kan ƙaya. Na daina tsokana gaba ɗaya, hirarmu ta koma "ya karatu, ya gida". Jiya da kanta ta ce na canza, na yi sanyi. Na gwada yi mata bayanin wasa kafin in yi shi, sai ya zama darasi, ba wanda ya yi dariya.

To Anti, ya zan yi? In riƙa faɗin zolayar da Hausarta ba fassara, in koya mata ma'anar sannu a hankali har ta iya mayar mini da martani? Ko in bar wasa a rubuce sai mun haɗu ido da ido? Kuma wannan "Allah ya shirye ki" har yanzu ina jin tana ranta, ko da ta ce ya wuce. In sake tayar da maganar in warware mata, ko in bar kaza cikin gashinta?

Ɗanki mai sauraron shirinki kullum.